An kushe kifina a Facebook, in sayi yabo in rufe bakinta?

Tambaya: Malam, busasshen kifi nake sayarwa a wani ƙauye kusa da Haɗeja, ina tura wa mutane Kano da Kaduna ta mota. Wata mata ta rubuta a shafina na Facebook cewa kifin da na aiko mata ya yi fumfuna, kada kowa ya saya a wurina. Tun daga ranar ciniki ya ja baya, ko barci ba na iya yi. Wani yaro ya ce in ba shi naira 15,000 ya kawo min mutum 50 su yabe ni, maganarta ta nutse. In ba shi? (Daga wani mai sana'a a Jigawa)

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ba shi ko sisi. Kwantar da hankalinka, ƙorafi ɗaya bai taɓa rufe shago ba. Abin da mai shago ya yi bayan ƙorafin shi ke rufe shi.

Fara da kifin, tun kafin ka taɓa waya. Duba ranar da ka ɗaure kwalinta, da ranar da direba ya ɗauka, da ranar da ta karɓa a tasha. Kifin da cikinsa bai gama bushewa ba, in aka ƙulle shi a leda ya kwana biyu ko uku cikin zafin mota, musamman da damina, gumi yake yi, fumfuna ta biyo baya. Ka ɗauki ɗaya daga ragowar wannan bandar ka karya shi ta wajen kai, inda nama ya fi kauri. In ka ji laushi ko danshi, matar nan gaskiya ta faɗa. In ya karye ƙaras, to wataƙila a tasha kayan suka yi kwanaki, ko ita ta bar su a rufe. Ko wanne ne, amsarka ta fito a ƙarƙashin rubutunta, inda kowa zai gani, kuma gajeriya:

"Hajiya, ki yi haƙuri da abin da ya faru. Ranar Litinin muka ɗaure kayanki, ya kamata su iso lafiya. Don Allah ki turo min hotonsu ta WhatsApp, zan aiko miki da wani kwalin ko in mayar miki da kuɗinki, wanda kika zaɓa."

Ka lura babu "wallahi kifina bai taɓa lalacewa ba", babu "mahassada ne suka turo ki". Ita kake kira da suna, amma mutum ɗari da za su karanta daga baya su kake yi wa magana, kuma abin da suke son sani ɗaya ne: in nawa ya lalace, yaya mutumin nan zai yi da ni? Idan kwalin na naira 40,000 ne kuma laifin naka ne, ka haɗiye asarar. In kun daidaita, sai ka koma ƙarƙashin rubutun ka ce an sauya mata kaya ranar kaza. Za ka iya roƙonta ta ƙara layi ɗaya kan yadda aka ƙare, amma kada ka ce sai ta goge kafin ka biya ta. Wannan sayen baki ne, kuma in ta ɗauki hoton saƙon ta wallafa, ka shiga uku.

Yanzu ga yaron naka. Irinsu sun cika min kunne, kusan kullum sai wani ya zo min da wannan magana, wai yabo mai yawa yana binne suka. Ba ya binnewa. Mai saye da zai tura maka kuɗi daga Kaduna bai taɓa ganinka ba, ba yabon yake fara karantawa ba, sukar yake nema, ya ga mene ne mafi munin abin da zai iya samunsa. Zai gangara har ya same ta. A hanya kuma zai wuce ta kan mutum 50 da suka rubuta cikin kwana biyu, a shafin da a da sai a yi wata ba a ce uffan ba, duk da kalma iri ɗaya: "Masha Allah, kaya masu kyau." Babu wanda ya ce tarwaɗa ya saya ko karfasa, babu wanda ya ambaci tasha ko direba. Ya danna sunan ɗaya, ya ga an buɗe shafin makon jiya, abokai bakwai, hoton fure. Ya danna na biyu, ya ga jiya ya yabi mai shadda a Legas, shekaranjiya mai maganin basir. Daga nan mai sayen ya daina tunanin kwali ɗaya ne ya lalace, ya fara tunanin maƙaryaci ne mai shagon. Ƙorafin da ake iya gyarawa da kifi, ka mayar da shi wanda ba ya gyaruwa.

Kuma ka ba yaron makami a kanka. Gobe zai dawo ya ce a ƙara kuɗi, in ka ƙi, shafukan nan 50 da suka yabe ka su za su juya su zage ka. Facebook da Google duk sun haramta yabon bogi da yabon da aka biya kuɗi a kansa, suna goge shi in sun gano, suna iya hukunta shafin. Dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana yaudarar mai saye game da kaya. Amma ni ba wannan ya fi ɗaga min hankali ba. A kasuwar dabbobi, a Maigatari ko Wudil, kowa ya san mutumin da ake haɗa baki da shi ya zo yana taya dabba da tsada alhali ba saye zai yi ba, don kawai baƙo ya ruɗu ya ƙara kuɗi. Malamai suna kiransa najashi, Annabi (SAW) ya hana shi. Mutum 50 da ba su taɓa ɗanɗana kifinka ba suna shaidar daɗinsa, me ya raba su da wancan? Ina mamakin mutum ya tsare sahun gaba a masallaci, ba ya tauye mudu, amma ya ce wannan ai "harkar intanet ce", kamar kuɗin da zai shigo ba a tukunyar gidansa zai ƙare ba. Har da masu riƙe waya biyu su tura wa kansu saƙon godiya su ɗauki hoto su sa a sitatus, da masu tara ƙanne da 'yan majalisa su yi yabo. Duk kanwar ja ce.

Shaidar gaske tana nan a wayarka, ba ka nema ba ne kawai. Duk wanda ka tura wa kaya, ka jira kwana biyu bayan ya karɓa, lokacin an riga an yi miya da shi, ka tambaye shi yadda ya same su. Sannan ka tura masa adireshin shafinka ka ce in ba damuwa ya rubuta abin da ya gani, mai daɗi ko akasin haka. Kowa za ka tambaya, ba waɗanda ka san za su yabe ka kaɗai ba, kuma kada ka yi alƙawarin ragi ko gyara a madadin rubutun. Da yawa daga masu sayenka sun fi sakewa da saƙon murya. In kana son sa shi a sitatus, nemi izini tukuna, ka rufe lambar mai shi, musamman in matar aure ce.

Idan kuwa ka bincika littafinka da shigar kuɗinka ba ka ga matar nan ta taɓa saye ba, ka rubuta a natse cewa ba ka sami odarta ba, ta turo rana da shaidar biya. In ta yi shiru, ka kai rahoton rubutun ga Facebook ka bar amsarka a wurin. Daga yau kuma ka riƙa ɗaukar hoton kifi kafin ka rufe kwali, ka tura wa mai shi tare da lambar direba, kwalin a huda shi iska ta riƙa shiga.