Sunayen 'yan wasa masu kama da juna a dogon labari

Tambaya: "Salam 'yan uwa marubuta. Labarina ya kai shafi na 20 a gurup, 'yan gida ɗaya ne su huɗu, Hafsat, Hauwa, Halima da Hadiza, sai samari biyu Abdulmalik da Abdulmajid. Masu karatu sai ƙorafi suke wai suna rikicewa, wata ma har ta zagi Halima a kwament akan laifin Hadiza. Dan Allah dole ne sai na canza? Kuma ta yaya tunda na riga na yi nisa?"

Wa'alaikissalam ƙanwata. Eh ki gyara, kuma yanzu ne lokacin tun labarin bai kai shafi ɗari ba. Amma ba sai kin rushe komai ba, bari in miki bayani yadda nake yi.

Abinda ya kamata ki fara ganewa shi ne mai karatu a waya ba ya karanta suna harafi bayan harafi, idonsa harafin farko yake kamawa da tsayin kalmar ya wuce, balle wadda take karatu da daddare tana gyangyaɗi ko tana jiran tukunya, kuma ku tuna shafi ɗaya ake sakewa yau sai jibi a samu wani, kafin nan ta karanta labari uku na wasu. Halima da Hadiza duk da Ha suka fara, duk gaɓa uku, duk da a suka ƙare, haruffansu ma shida shida. To ina laifin wadda ta rikice? A gidan gaske uba zai iya jera wa 'ya'yansa Ha huɗu ba matsala saboda kowa na ganin fuskarsu, a takarda kuwa sunan shi ne fuskar.

Sa'ar da kika yi ita ce duk sunayen nan suna da laƙabinsu da kowa ya sani. Ki bar wa tauraruwar sunanta, mu ce Hafsat ce. Hauwa ta koma Jidda ko Kulu. Halima ta koma Sadiya. Hadiza tana da Dije tana da Kubra, amma anan ki tsaya ki kula, in kin ɗauki Jidda kar ki ɗauki Dije, j da d ne a cikinsu duka an juya su kawai, a kunne sai su cakuɗe. Ki ɗauki Kubra. Kin ga yanzu kina da Hafsat, Jidda, Sadiya, Kubra, ba wadda ta fara da harafin wata kuma ba ki canza wa kowa sunan yanka ba. Sai dai ki leƙa gaba, in akwai wani Sadiq da zai shigo labarin to Sadiya ta zama matsala kenan, sai ɗayansu ya haƙura.

Samarin ne suka fi wuya. Mutane suna cewa ai sai a yanke Abdul ɗin, to yanke mana ki gani, Malik da Majid, kin dawo gidan jiya. Ni dai shawarata ɗaya ya tafi gaba ɗaya. Wanda bai cika fitowa ba zuwa yanzu ki ba shi sunan da abokai ke kiransa da shi, ko ace sunan kakansa ya ci ana masa alkunya da Baffa, ɗayan ya zauna a Malik. Kuma in su biyun ne ke neman yarinya ɗaya to wallahi ki nisanta su sosai, ɗaya gajere ɗaya dogo, don duk inda ake kishi ko gaba nan ne rikicewa ta fi ɓata labari.

Yadda za ki shigar da canjin ba tare da an ji banbarakwai ba: kar ki wayi gari kawai ki fara rubuta Kubra. Ki kawo wani a cikin labarin ya kira ta da shi, misali kakarsu ta zo daga ƙauye tace ita ba ta iya faɗan Hadiza sunan uwarta ne, Kubra za ta ce. Shafi biyu uku ki riƙa haɗawa, Hadiza Kubra, daga nan ki saki na farkon kar ki sake komawa. Kuma ɗaya bayan ɗaya, ba dukansu a shafi guda ba. Wasu suna sa sanarwa a saman shafi, ba laifi, amma da yawa ba sa karanta sanarwa, tsallakewa suke su faɗa labari.

Wani wajen da ba a cika lura da shi ba, kuma a ganina ya fi sunayen yara cutarwa, shi ne iyaye. Gidan yarinya akwai Umma, gidan saurayi Ummi, kishiyar uwa Mami, ƙanwar uba Ammi, ga Mama ga Momi. Ranar biki duk suka haɗu a falo ɗaya shikenan ba wanda zai san wa ke magana. Ki raba su da nisa, gida ɗaya Umma, ɗayan Hajiya, kaka Inna, ƙanwar uba Gwaggo. In Hajiyoyin biyu ne ki liƙa wa kowace abinda zai bambanta ta, Hajiya Babba da Hajiyar Zariya, ba Hajiya Rabi da Hajiya Rakiya ba. Sannan mutum ɗaya kar ya wuce suna biyu. Na sha karanta labarin da yarinya uwarta na ce mata Indo, a makaranta Aisha, saurayi Humaira, ƙawaye Shatu, ita marubuciyar kuma kowanne ya zo bakinta shi take sawa. Ke mai ba da labari ki riƙe ɗaya tak, sauran ki bar su a bakin masu magana.

Sai gwajin kunne, tunda yanzu ana karanta littattafai a rediyo da YouTube kuma ba ki san inda naki zai je ba. Harafin farko daban ba ya wadatarwa. Kabir da Jabir, Nasir da Yasir, Amira da Samira, a ido ka iya raba su amma a kunne abu ɗaya ne. Ki rubuta duk sunayen a takarda gida gida, ki karanta wa wani da ƙarfi da sauri, duk inda yace "wa kika ce?" ki sa alama. Ba kowa za ki damu da shi ba fa, mai gadin da ya fito sau ɗaya ko sunansa ya yi kama da na wani ba komai, waɗanda ke haɗuwa a waje ɗaya akai akai su ne abin dubawa. Tagwaye kuma dole Hassana da Hussaina ne ba yadda za ki yi, sai dai ki riƙa kiran ɗaya da laƙabi.

In kin zo haɗa kammalallen dokumen ɗin kuma za ki canza sunan tun daga farko, a Word ki danna Ctrl+H, ki shiga More ki sa alama a Match case da Find whole words only. In ba haka ba, wadda ta ce a canza Ali za ta tarar an taɓa mata Halima da dalili da hali duk sun lalace. Ko da kin sa alamar ma akwai sunaye irin Abu da Sani da kalmomi ne na yau da kullum, "Abu ɗaya na sani" a farkon jimla zai shiga ciki, irin waɗannan da Find Next za ki bi su ɗaya ɗaya kar ki danna Replace All. Ki kuma nemi inda kika rubuta Hadeeza ko Hadizatu ko Hadizan, don injin ba zai kamo su ba, ki ajiye kwafin tsohon a gefe kafin ki fara.

Ki turo mana jerin sauran sunayen har da na iyayen da ƙawaye mu duba miki tare kafin ki saki shafi na 21.