Wa zai buɗe taron da addu'a?

Kawu barka da dare. An ɗora min jagorancin walimar ban kwana a wajen aikinmu, rabinmu Musulmi rabi Kirista. In sa a karanta Fatiha ne kamar yadda muka saba, ko in tsallake addu'ar gaba ɗaya kar wani ya ji haushi?

Ɗana, sai da na yi murmushi da na karanta saƙon nan, daga baya kuma jikina ya yi sanyi, wai yau addu'a ce ake shawarar tsallakewa dan tsoron juna. Mu da muka tashi ba a ko zama rabon kuɗin adashi ba a ambaci Allah ba.

Ka san na daɗe ina aiki a Kafanchan, kuma ina can aka yi rikicin 1987. Bayan ƙura ta lafa da 'yan watanni sai aka shirya sallamar wani babbanmu da ya yi ritaya, karo na farko kenan da muka zauna ɗaki ɗaya tun abin da ya faru. Ba wanda ya tsara amma kowa ya nemi nasa, masu hula a benci na dama, sauran a hagu, kwalaben lemo a jere kan tebur ba mai taɓawa. Al'adar ofisoshi a lokacin ita ce in Musulmi ya buɗe Kirista ya rufe, taro na gaba a juya. Toh ranar sai mai gabatarwa ya tsaya da takarda a hannu yana kallon dama yana kallon hagu, dan duk wanda ya fara kira ɗaya ɓangaren zai lissafa.

Wani dattijo masinjanmu ne ya miƙe, ba a kira shi ba. Ya ce jama'a barkanmu da ganin juna, ya gaida mai ritaya, ya gaida manya, sannan ya ce Allah da Ya tara mu lafiya Ya raba mu lafiya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya rufa wa wannan bawa nasa asiri a zaman gida, Ya raya mana zuriya. Shi kenan, ko minti ɗaya bai cika ba. Ina kallo, na dama sun buɗe tafin hannu, na hagu sun sunkuyar da kai sun rufe ido, amin ɗin kuma ta tashi daga ko'ina lokaci guda. Wallahi har yau ina jin amin ɗin nan a kunnena.

Sai daga baya na gane dabarar tsohon. Kirista mai jin Hausa Allah yake cewa, Ubangiji yake cewa, haka yake a Littafi Mai Tsarki na Hausa, amin ma tamu ce duka. Inda hanya take rabuwa shi ne ƙarshen addu'a, mu mu rufe da salatin Annabi da Fatiha, su su rufe da sunan Yesu. Shi sai ya tsaya kafin mararrabar, ya bar kowa ya ƙarasa tasa a zuci. Ni dai na yi salatina na shafa, ba abin da ya ragu a addinina. Mahaifinmu, kakanka, yakan ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, baƙon da ka kira gidanka kar ka sa shi tsayuwa yana rarraba ido bai san me zai yi da hannunsa ba.

Abin da ke ɓata min rai da tarukanku na yanzu, a miƙa wa mutum lasifika ya buɗe taro sai ya koma wa'azi, minti goma yana harbin iska, in aka zo rufewa na ɗaya ɓangaren shi ma ya rama da nasa. Ka saurari amin kawai za ka san an yi ɓarna, in gefe ɗaya take fitowa, ɗaya gefen ana latsa waya, toh an raba ɗakin tun ba a ci shinkafa ba. Ita gwamnatin tarayya ma baiti ɗaya na taken ƙasa ta ware a matsayin addu'ar tarukanta, amma ni ban cika son shi a walima ba, rabin mutane motsa baki kawai suke yi.

In mutum biyu za ka sa, ka same su tun jajiberi, ka ce minti ɗai-ɗai, kuma ka sanar da sunayensu duka biyun tun farko dan kowa ya san nasa na tafe. Ka tambayi wanda ya daɗe a ofishin wa ya buɗe a taron baya. Shi mai ritayar wane ne ma, kuma akwai dattijo a cikinku da kowa ke gaisarwa? Faɗa min tukuna. Ka gaida mamanka.