Toka-toka a maƙogwaron yaro: ku tafi asibiti yau

"Don Allah ku taimaka min. Ɗana mai shekara 5 kwana 3 yana kukan ciwon maƙogwaro, ko kunu da ƙyar yake haɗiyewa. Zazzaɓin ba mai zafi ba ne. Da safe na haska bakinsa sai na ga wani abu toka-toka ya manne can ciki. Kakarsa ta ce a kira wanzami. In jira zuwa Litinin ko yaya zan yi? Muna cikin Kano, kuma yana da ƙanne biyu."

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba shi lafiya. Kada ki jira Litinin, kada ma ki jira maigida ya dawo daga kasuwa. Ki buga masa waya ku haɗu a asibiti. Likita ne zai tabbatar, amma ni dai duk yaron da aka kawo min da irin wannan, mashaƙo nake ɗaukarsa har sai an tabbatar min ba shi ba ne. Shekara 16 ina aikin jinya a nan Kano, kuma a daminar 2023, lokacin da cutar ta yi mana katutu a garin nan, ta shigo har cikin gidanmu ta kama ɗan ƙanwata.

Shekararsa 6 a lokacin, suna zaune a Kurna. Ranar farko ya ce wuyansa na ciwo, aka ce sanyin damina ne. Rana ta biyu uwarsa ta je wani kemis, aka haɗa mata maganin zazzaɓi da na tari, ko bakin yaron ba a buɗe ba. Abin da ya yaudare su shi ne jikin bai yi zafi sosai ba, kuma mu mun saba auna tsananin ciwo da zafin jiki. Mashaƙo kuwa sau da yawa da ɗan ɗumi-ɗumi take zuwa, sai dai ki ga yaro ya yi laƙwas, ya yi fari, ya ƙi wasa. Rana ta uku da la'asar na leƙa gidan. Yana kwance a tabarma, yawu na zuba a gefen bakinsa saboda ya kasa haɗiyewa. Na kunna fitilar waya na ce ya buɗe baki. Wani wari ne ya fara bugo ni, sannan na ga abin: fata mai kauri, launin tokar murhu, ta rufe gefe ɗaya na maƙogwaro ta fara hawa kan beli. Ƙarƙashin haɓarsa ya kumbura ta ɓangarorin biyu, har wata maƙwabciya tana cewa hangum ne. Hangum a gaban kunne yake kumbura, kuma ba ya shimfiɗa fata a maƙogwaro.

Wannan fatar ba majina ba ce, ba kuma farin nan ba ne da ke fitowa a harshen jarirai. Naman wurin ne ƙwayar cutar ta kashe, ya haɗu da jini da ƙwayoyin cutar ya daskare ya manne. Idan aka kankare ta jini take yi, kuma ɓallinta zai iya faɗawa hanyar numfashi ya toshe ta. Don haka ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, ki ce mata wannan ba beli ba ne. Mu ma tsohuwarmu har ta aika a kira wanzami, ni na tare ɗan aiken a zaure. Kada a sa aska, kada a naɗe yatsa da tsumma a goge, kada a ɗura masa jiƙo.

Hatsarin iri biyu ne. Na farko ana ganinsa: fatar tana yaɗuwa ƙasa zuwa maƙoshi, kuma hanyar iskar yaro ƙarama ce ƙwarai. Idan muryarsa ta dushe, ko tarinsa ya koma kamar haushi, ko kina jin ƙara idan ya ja numfashi, ko ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa, to hanyar ta fara tsukewa. A irin wannan hali ki bar shi a zaune a cinyarki cikin adaidaita sahu, kada ki tilasta masa kwanciya, kada kuma ki yi ta buɗe bakin kina nuna wa mutane.

Na biyun shi ne wanda na fi so ki gane, don shi ya sa nake ta cewa yau. Ƙwayar cutar tana zaune a maƙogwaro, amma tana fitar da dafi da ke bin jini ya je ya kama tsokar zuciya da jijiyoyi, wani lokacin har ƙoda. Akwai allurar karya dafin, antitoksin, wadda ake samarwa daga jinin doki. Sai dai dafin da ke yawo cikin jini kawai take iya kamawa. Wanda ya riga ya shige cikin naman zuciya ya wuce ta, ba ta iya zaƙulo shi. Saboda haka yaron da aka yi wa a rana ta biyu ko ta uku, da wanda aka yi wa a rana ta shida, ba ɗaya ba ne ko da allurar iri ɗaya ce. Shi ya sa likita ba ya jiran sakamakon gwaji. Idan ya ga fatar, zai ɗauki samfuri da ɗan tsinken auduga, ya ba da allurar nan take. Ko da magani, cikin masu cutar 100 ana rasa 5 zuwa 10, kuma a ƙananan yara da waɗanda aka kawo a makare adadin ya fi haka.

Wannan allura ba a samunta a kemis, kuma ba a yin ta a gida, domin wasu jikinsu yana ƙin ta, dole a yi ta inda ake da kayan ceto a kusa. A 2023 an ware wa masu mashaƙo wurin jinya a Asibitin Murtala da Asibitin Zana. Ku nufi babban asibitin gwamnati, sashen gaggawa na yara. Da kin isa, kada ki bi layi ki zauna cikin jama'a. Ki samu ma'aikaciyar farko ki ce mata, "Akwai wata fata toka-toka a maƙogwaronsa, ina tsoron mashaƙo ce." Wannan maganar za ta sa a ware shi a duba shi da wuri. Idan ba su da allurar, ki nemi su tura ku inda take a ranar. Ki tafi da katin riga-kafinsa, ki sa takunkumi, ki bar ƙannen a gida. Lambar hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa ita ce 6232, kiran kyauta ne.

Namu yaron an ɗaura masa allurar ta cikin ƙarin ruwa a daren da muka je, aka kuma fara masa maganin kashe ƙwayar cuta na kwana 14. Wanda ake bayarwa shi ne azitromaisin ko eritromaisin ko fenisilin. Aikinsa daban: yana kashe ƙwayar don ta daina fitar da sabon dafi, kuma bayan kamar kwana 2 da farawa yawanci yaro ya daina yaɗa ta. Amma ba ya taɓa dafin da ya riga ya fita. A nan ne maganin kemis ke cutar da mutane. Sai a ba yaro wani sirof, wuyan ya ɗan yi sauƙi, hankali ya kwanta, alhali dafin yana can yana aikinsa.

Bayan kwanaki fatar ta saɓule, ya fara cin tuwo, uwarsa ta ɗauka an gama. Likita ya hana shi guje-guje, ana ta auna bugun zuciyarsa, domin taɓuwar zuciya takan bayyana ne bayan sati 1 zuwa 2, daidai lokacin da ake murnar sauƙi. Alamominta su ne kasala mai tsanani, amai, haki, ko bugun zuciya ya yi sauri ko ya ragu ko ya rikice. Allah Ya tsare shi daga wannan. Amma a sati na uku, muna zaune yana shan koko, sai muka ga yana fitowa ta hancinsa, maganarsa kuma ta koma ta hanci. Jijiyar ganɗa ce dafin ya taɓa. Muka koma asibiti, aka koya wa uwar ba shi abinci mai kauri kaɗan-kaɗan yana zaune don kada ya shaƙe. Sai da ya yi makonni kafin ya dawo daidai. Na faɗa miki wannan ne don ko an sallame ku, ki sa ido na tsawon wata 2. In kin ga haka, ko ƙafafunsa sun yi rauni, ku koma.

Sai maganar ƙannen. Cutar tana bin tari da atishawa da yawu, da kofi ko cokalin da aka yi tarayya, kuma tana ɗaukar kwana 2 zuwa 5 kafin ta nuna. Mutum zai iya ɗauke da ita a maƙogwaronsa lafiyarsa ƙalau yana rabawa. Saboda haka duk wanda ke kwana gida ɗaya da yaron, ko ya ci kwano ɗaya da shi, ko ya yi jinyarsa, ana ba shi maganin kariya ko da ba abin da ke damunsa, ko da ya yi riga-kafi: ko dai na sha na kwana 7, ko allurar fenisilin mai daɗewa a jiki sau ɗaya. A gidan ƙanwata mutum 11 muka lissafa, har da kaka, da 'yar aiki, da almajirin da ke karɓar abinci yana wasa da yaran, da ni kaina. Almajirin ne aka kusa mantawa da shi, kuma shi ne zai koma ya kwana cikin yara da yawa. Ki zauna ki rubuta sunayen kowa ki ba ma'aikatan. Ki sanar da malamin Islamiyyarsu da na boko. Na san ana jin nauyin haka, amma 'ya'yan wasu ne ke zaune benci ɗaya da shi.

Kwana 10 za ki yi kina duba ƙannen safe da yamma: ki taɓa jiki, ki haska maƙogwaro, ki lura da hanci, domin a wasu yaran majina mai haɗe da jini ce alamar. Su zauna a gida, ban da makaranta da gidan biki, har sai ma'aikatan lafiya sun ce su fita. Kofinsa da kwanonsa da zanen gadonsa a wanke da sabulu da ruwan zafi.

Ki buɗe katunansu ki duba allurar Fenta mai kare yara daga mashaƙo, wadda ake yi a cinya a sati 6 da 10 da 14. Guda 3 ake so ki gani. Ɗan ƙanwata ɗaya kawai aka yi masa, ya yi zazzaɓi ya kwana kuka, sai aka daina kai shi. Ƙanwarsa da ta samu ukun cif, gado ɗaya suke kwana, ko tari ba ta yi ba. Ɗigon folio da ake bi gida-gida ba ya kare mashaƙo, iyaye da yawa sun ce min "ai an yi masa" alhali ɗigon suke nufi. Wanda bai cika ba za a cika masa, kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi. Manyan yara da manya kuma akwai tasu, irin wadda ake yi wa masu juna biyu a wurin awo. Wanda ya haura shekara 5 rabonsa da ita za a ƙara masa. Shi ma mara lafiyar sai an yi masa idan ya murmure, domin kamuwa da mashaƙo ba ta ba da tabbacin ba za a sake kamuwa ba.

Ki ɗauki katin da mayafinki ku fita yanzu. Idan an karɓe ku, ki tambayi likitan kai tsaye ko za a yi masa allurar karya dafin yau, sannan ki tambaye shi inda za a kai ƙannen gobe da safe. Allah Ya tashi kafaɗarsa.