In sauya inji ko in sauya bututu?

Tambaya: Ina jan ruwa daga tafki zuwa tanki mai lita 5,000 a gonata kusa da Auyo. Tsayin bai wuce mita 10 ba, kuma an rubuta mita 30 a jikin injin. Ɗana ya yi lissafi ya ce ƙarfin ya isa har da rara, amma sai an shafe fiye da awa biyu kafin tankin ya cika. Bututun inci ɗaya ne, tsawonsa mita 200. In sayi babban inji?

Amsa: Malam, kada ka taɓa injin tukuna. Lissafin da ɗanka ya ɗauko, wanda ake dangantawa da masanin lissafi Bernoulli, yana kwatanta wurare biyu ne ta fuskar matsi da gudu da tsayi, bisa sharaɗin cewa babu abin da ya ƙaru ko ya ɓace a tsakaninsu. A gonarka kuwa sharaɗin bai cika ba, domin inji yana ƙara wa ruwan ƙarfi, bututu kuma yana cinye shi. Idan aka ɗauki saman ruwan tafki da saman ruwan tanki, inda duka biyun suke a buɗe kuma ruwan kusan a tsaye yake, abin da ya rage shi ne hp = (z2 − z1) + hL, wato ƙarfin injin, hp, sai ya biya tsayin, z2 − z1, da kuma asarar hanya, hL.

Asarar nan ita ce yaron ya tsallake. Idan kana son lita ɗaya a kowane sakan ta cikin inci ɗaya, ruwan zai riƙa gudun mita 2 a sakan, kuma gogayyarsa da bangon bututu a tsawon mita 200 za ta ci kimanin mita 37, ban da abin da gwiwoyi suke ci. Ka ga ke nan bukatarka ta kai mita 47. Ita kuwa mita 30 da aka rubuta, tsayin da injin yake kaiwa ne lokacin da ko ɗigo ba ya fita, abin da masu shago ba su cika faɗa ba. Saboda haka ruwan yake rage gudu har sai jimlar tsayin da asarar ta sauko daidai ƙarfin injin.

Da inci biyu, wannan adadin ruwan zai yi gudun rabin mita a sakan, asarar kuma ba za ta kai mita 2 ba. Babban inji a kan siririn bututu ɓarnar fetur ce, tunda ninka ruwan yana ninka asarar kusan sau huɗu.

Kafin ka kashe kuɗi, ka ɗaura agogon awon matsi a bakin injin. Awon "bar" ɗaya a agogon kusan daidai yake da tsayin mita 10. Idan allurar ta nuna kusan biyu da rabi, bututun ne mai laifi, sai ka sayi mai inci biyu. Idan tana rawa a wajen ɗaya, ka duba tiyon da ke zuƙo ruwa, domin wataƙila iska yake sha ko laka ta toshe rariyarsa.