Manhaja tana aiki a Wi-Fi, da data kuma ta ƙi: ina laifin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Akwai manhajar da nake duba lissafin kayan da na sayar. Muddin ina kan Wi-Fi lafiya lau take buɗewa, amma ina komawa data sai ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce ba ta samu haɗi ba. Data tana nan, sauran manhajoji suna aiki. Na goge ta na sake saukewa, duk a banza. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gogewa da sake saukewa da wuya su yi magani a nan, domin manhajar da ta buɗe a Wi-Fi ta riga ta nuna lafiyarta ƙalau. Abu biyu ne ke canzawa idan ka koma data: dokokin da wayarka take bi, da kuma hanyar da saƙonka ke bi kafin ya isa sabar manhajar, wato kwamfutar masu manhajar da take haɗuwa da ita ta intanet. Aikinmu shi ne mu gano wanne ne a ciki.

Fara da wayar, tunda duba ta ba ya cin minti biyu. A iPhone, shiga Settings, sannan Cellular ko Mobile Data, ka gangara ƙasa: kowace manhaja tana da makunninta, kuma idan nata a kashe yake, Wi-Fi kaɗai za ta sani. A Android, danne alamar manhajar, shiga App info, ka nemi wurin data. Sunan wurin ya danganta da kamfanin wayar, amma a wasu, kamar Xiaomi, ana iya hana manhaja data gaba ɗaya a bar mata Wi-Fi. Shi kuwa Data Saver da kowa ke saurin ɗora wa laifi, babban aikinsa tare manhajar da ke aiki a bayan fage ne. Idan matsalarka rashin shigowar sanarwa ce, da shi zan fara zargi, amma taka a buɗe take a gabanka ta ƙi. Ka kuma tabbatar datar da ka saya ta komai da komai ce, ba wadda aka keɓe wa wasu manhajojin zumunta ba. Buɗe wani shafi da ba ka saba shiga ba a burauza, nan take za ka gane.

Idan duk wannan daidai yake, ga gwajin da na fi yarda da shi. Cire layinka ka sa a wata wayar, kunna mata Hotspot, sai ka haɗa wayarka da ita. Yanzu wayarka tana ganin Wi-Fi take kai, alhali saƙon ta kamfanin layinka yake fita. Idan manhajar ta sake ƙi, to wayarka ba ta da laifi, matsalar tana tsakanin kamfanin layin da sabar manhajar. Idan kuma ta buɗe, zargi ya dawo kan yadda wayarka take haɗuwa da data. Sai dai a nan akwai tarko: sau da yawa wayar da aka jona ta Hotspot ba irin adireshin da za ta samu kai tsaye daga layin take samu ba, kuma wannan bambancin na iya zama shi ne ainihin ciwon.

Adireshin intanet iri biyu ne, tsohon IPv4 da sabon IPv6. Wi-Fi da yawa har yau tsohon kaɗai suke bayarwa, yayin da kamfanonin layi da dama suke ba waya sabon, wasu ma shi kaɗai, sannan su yi mata tafinta idan za ta yi magana da saba mai tsohon adireshi. Abin ya yi yawan da tun ranar 1 ga Yuni 2016 Apple ya wajabta cewa duk manhajar da za a miƙa wa App Store ta iya aiki a inda IPv6 kaɗai ake da shi.

Mu ɗauka haka taka ta kasance: ta buɗe a Hotspot, ta ƙi a data kai tsaye. Abin da na fi zato shi ne masu manhajar sun sanar da adireshi biyu na sabarsu, amma na IPv6 ɗin ba ya amsawa. A Wi-Fi wayarka ba ta da sabon adireshi, don haka ba ta ma taɓa ƙwanƙwasa wannan ƙofar ba. A data kuwa tana da shi, kuma shi take fifitawa. Burauza tana gwada hanyoyin biyu kusan a tare ta bi wadda ta fara amsawa, shi ya sa shafuka suke buɗe maka. Manhajar da ba a gina ta haka ba sai ta tsaya jira har lokacin da aka ɗibar mata ya ƙare. Alamar ke nan: dogon juyi kafin saƙon kuskure, ba ƙi nan take ba.

Tabbatar da wannan a Android ba wuya. Mayar da layinka cikin wayarka, nemi Access Point Names a cikin saitin layin, buɗe wanda aka zaɓa, ka ɗauki hoton allon tukuna kafin ka taɓa komai. Gangara zuwa APN protocol. Idan an rubuta IPv4/IPv6 ko IPv6, mayar da shi IPv4, ka adana, ka kunna Airplane mode ka kashe. Idan manhajar ta buɗe, ka kama ɓarawon. Kana wurin kuma ka leƙa layukan Proxy da Port. Idan akwai wani rubutu da ba kamfanin ya sa ba, Reset to default zai share shi. Wasu kamfanonin layi ba sa bari a gyara wannan wuri, kuma wanda IPv6 kaɗai yake bayarwa zai yanke maka data gaba ɗaya idan ka tilasta masa IPv4. In haka ta faru, mayar da saitin yadda ka same shi.

Mai kwamfuta da ya san sunan sabar zai iya ganin abin ƙarara, matuƙar haɗin da yake kai yana da IPv6. Sa sunan sabar a madadin example.com:

```
curl -4 -I https://example.com
curl -6 -I https://example.com
```

Na farko ya amsa, na biyu ya yi shiru, to gyaran na masu manhajar ne. Saitin IPv4 da ka yi lallaɓawa ce kawai kafin su gyara.

To idan ta ƙi har a Hotspot fa? Sai a duba DNS, wato mai juya sunan saba ya koma adireshi. Kana kan data, na kamfanin layin kake amfani da shi, kuma yana iya riƙe da tsohuwar amsa ko ya toshe sunan. Daga Android 9 zuwa sama akwai Private DNS a saitin haɗi: rubuta dns.google ko one.one.one.one ka sake gwadawa. Idan ka tarar da wani suna a wurin tun asali, musamman na masu tare talla, kashe shi ka fara gwadawa.

Na ƙarshe shi ne VPN. Idan canjin DNS bai yi komai ba amma VPN ya buɗe ta, akwai yiwuwar sabar ce ta ƙi adireshin da kake fitowa da shi. Kamfanonin layi kan haɗa ɗimbin mutane a bayan adireshin IPv4 guda, don haka ɓarnar mutum ɗaya na iya sa a rufe wa kowa ƙofa. Wani lokaci Airplane mode kan sa ka faɗa wani adireshin, ta buɗe na ɗan lokaci. Ban ba ka shawarar zama kan VPN na kyauta da manhajar da ke riƙe da lissafin kuɗinka ba. Gwaji ne, ka gama ka kashe.

Idan za ka rubuta wa masu manhajar, faɗa musu samfurin wayar, kamfanin layin, ainihin saƙon kuskuren, daƙiƙa nawa take juyi kafin ya fito, da sakamakon Hotspot, APN protocol, DNS da VPN ɗaya bayan ɗaya. Idan kuma da hali, gwada layin wani kamfanin a wayarka ka haɗa da sakamakonsa.