Hukuncin horar da zuciya ta haƙura da rashin sanin abin da zai faru

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni matar aure ce a Unguwar Rogo, Jos. Maigidana direba ne, yana kai dankali Abuja sau biyu a mako. Daga fitarsa har ya isa hankalina ba ya kwanciya, sai na yi ta kiransa yana tuƙi. Idan ya ɗauka na ji muryarsa sai in samu sauƙi, amma ba a yin minti ashirin fargabar ta dawo. Haka nake da komai: ƙofa sai na duba ta sau da yawa, istihara kuwa ina maimaita ta har a kan abin da bai kai ya kawo ba, ina jiran mafarki. Likita ta ce in riƙa barin wasu ƙananan abubuwa da gangan ba tare da na tabbatar ba. Wata malama kuma ta ce wannan sakaci ne, a ɗaure raƙumi kafin tawakkali, kuma in yi ta istihara har sai zuciyata ta natsu. Wanne zan bi?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yata, Allah ya yaye miki. Abin da likitarki ta ɗora ki a kai halal ne, neman magani ne, kuma a halin da kike ciki shi ya fi kusa da sunna. Kiran mijinki yana tuƙi kuwa, ki daina shi daga yau.

Abu biyu a wasiƙarki su suka yanke hukuncin. Kin ce sauƙin ba ya kai minti ashirin. Ɗaure raƙumi gaskiya ne, babu saɓani a kansa, amma ana ɗaurewa ne sau ɗaya a tafi. Sababin da shari'a ta yi umarni da shi shi ne wanda yake canza wani abu a zahiri: a duba birki da taya kafin tafiya, a guji tuƙin dare, a yi addu'ar tafiya. Kiranki na huɗu bai ƙara wa motar lafiya ba, bai kuma ba ki labarin da kira na uku bai ba ki ba. Aikinsa ɗaya ne, ya kashe miki zafin rashin sani na ɗan lokaci. Kamar susar ƙazuwa ne, daɗin a take, ƙaiƙayin kuma ya dawo da ƙarfi. Sannan kin ce yana tuƙi. Mutumin da yake gangara Hawan Kibo da mota cike da buhuna, idan kika sa shi ɗaga waya, haɗarin da kike gudu kika matso masa da shi, shi da sauran masu bin hanya. Wannan cutarwa ce, kuma an hana ta ko da niyyar mai yin ta ƙauna ce.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan hali. Wasu masu bincike a Jami'ar Laval ta ƙasar Kanada sun fitar da ma'auninsa a 1994, suka nuna cewa masu yawan damuwa abin da ya fi gallabarsu shi ne zama cikin "wataƙila". A 2016 an yi wani gwaji a Landan, aka ga mutane sun fi shiga takura lokacin da ba su san ko za a ɗan ja su da lantarki ko ba za a ja su ba, fiye da lokacin da suka tabbata za a ja su. To kada ki ɗauka imaninki ne ya yi rauni. Ɗabi'a ce da kowa yake da rabonsa a cikinta, taki ta yi yawa ne saboda kullum ana ciyar da ita. Duk lokacin da kika kira kika ji sanyi, zuciyarki tana koyon cewa kiran ne ya cece ki, ba ta taɓa samun damar ganin cewa da kin haƙura ma fargabar za ta sauka da kanta ba.

Malamanmu na Malikiyya sun riga sun yi hukunci a irin wannan, kuma kin karanta shi a Islamiyya. Wanda kokwanto ya aure shi a salla, wato yake zuwa masa kullum ko da sau ɗaya ne, Risala da Ahalari sun ce ya kawar da kai daga kokwanton, kada ya kawo raka'ar da yake shakka, ya yi sujada ba'adi kawai. Ki duba da kyau: an umarce shi ya sallame alhali bai tabbata ba. Idan an yarda da haka a salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, ina ga makullin ƙofa?

Maganar istihara ce nake so in tsaya a kanta, domin ra'ayin da malamarki ta faɗa ya yaɗu, kuma masu irin lalurarki yake fi cutarwa. Allah ya saka mata da alheri a kan niyyarta, amma ban yarda da shi ba. Asalin istihara hadisin Jabir ne a Buhari: raka'a biyu ba na farilla ba, sai addu'a. Babu mafarki a cikinsa, babu sharaɗin jin natsuwa. Ibnul Hajj, malamin Malikiyya mai littafin Madkhal, ya soki masu tsayawa bayan istihara suna jiran su yi mafarki ko a yi musu, ya ce wannan ba komai ba ne. Hujjar masu cewa a maimaita sau bakwai a duba abin da ya fara zuwa zuciya ita ce ruwayar Anas da Ibnus Sunni ya kawo, kuma Ibn Hajar ya ce isnadinta mai rauni ne ƙwarai. Za su ce ai Abdullahi ɗan Zubair ya yi istihara sau uku, kamar yadda ya zo a Muslim. Haka ne, shi ya sa ban ce maimaitawa haramun ce ba. Amma a kan rushe Ka'aba da sake gina ta ya yi, ya ƙayyade adadin tun farko, da ya cika kuma ya zartar. Za su kuma ce Nawawi ya ce mutum ya bi abin da ƙirjinsa ya buɗe gare shi. Wannan magana ce ga mai lafiyayyar zuciya. Ke ƙirjinki ba ya buɗewa ga komai fiye da ɗan lokaci, idan aka ɗaure ki da wannan sharaɗi an hana ki yanke shawara har abada. Ibnuz Zamlakani ya ce bayan istihara mutum ya aikata abin da ya bayyana gare shi, ƙirjinsa ya buɗe ko bai buɗe ba, kuma wannan nake ba ki fatawa da shi. A cikin addu'ar da bakinki kike cewa Allah ya sani, ke ba ki sani ba. Wadda ta faɗi haka sannan ta ƙi motsawa sai an sanar da ita, ta nemi abin da addu'ar ba ta yi alkawari ba. Ki yi ta sau ɗaya a kan lamari mai nauyi, ki yi shawara da mutum ɗaya ko biyu, ki zartar.

Yanzu ga yadda za ki yi aikin. Ban da daina kiransa yana tuƙi, kada ki fara horon da tafiyar Abuja, ta yi miki nauyi. Ki samu ƙaramin littafi, ki jera abubuwan da kike tabbatarwa, ki ba kowanne maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon zafin barinsa. Ki fara da mai maki 3 ko 4. Misali, ki aiki babbar 'yarki Farin Gada sayen kayan miya, ki faɗa mata abin da kike so sau ɗaya, kada ki kira ta. Kafin ta fita ki rubuta abin da kike tsoro: za ta sayo ruɓaɓɓen tumatir, za a cuce ta a kuɗi, ni kuma ba zan iya zama ba. Bayan ta dawo ki rubuta abin da ya faru, da makin fargabarki a farko da bayan rabin awa, da abin da kika yi da hannunki a lokacin. Ki maimaita irinsa sau uku ko huɗu a mako, har makin ya sauko, sannan ki hau na gaba: kulle ƙofa sau ɗaya da bismilla ki kwanta. Ranar da tumatirin ya zo da ruɓaɓɓe a ciki, kada ki ce gwajin ya lalace. Ranar ce ta fi amfani, domin a ita za ki ga cewa abin ya faru, kin tsince, kin yi miya, an ci.

Idan kin kai ga tafiyar, ku yi yarjejeniya da maigida: shi zai kira, sau biyu, idan ya tsaya a Akwanga da idan ya sauke kaya. Tsakanin nan, in sha'awar kira ta taso, ki duba agogo ki ba ta minti goma, mako na gaba ashirin, ki ci gaba da wankinki ko girkinki da fargabar a ƙirji. Ku kuma ajiye iyaka tun kafin ya fita: idan awa biyu ta wuce lokacin da ya saba isa babu labari, kira ɗaya ga yaron motarsa ya halatta, sababi ne na gaskiya. Iyakar da aka sa da rana tsaka cikin hankali ita ake bi, ba wadda tsoro ya kawo ba.

Ki kula da hanyoyin da abin yake ɓullowa ta bayan gida. Idan kin daina kiransa amma kina sa ɗanki ya kira, ko kina bin labaran haɗarin mota a waya, ko kina tambayar maƙwabciya "kina ganin lafiya dai ko?", ba ki bar komai ba. Har zikiri yana iya zama haka: in kin ga kina sake hasbunallahu daga farko don kin ji kamar ba ta "kama" ba, ki tsaya a adadin da kika yi niyya. Kada kuma ki auna nasara da rashin jin tsoro. Makonnin farko tsoron yakan ƙaru. Abin aunawa shi ne kin ji shi ba ki kira ba.

Wannan horo ba ya shiga inda haɗari yake na gaske. Mu mutanen Jos mun ga rikicin 2001 da 2008 da 2010, mun san ranar da ake tambayar hanya kafin a fita. In an sa dokar hana fita, ko yaro yana zazzaɓi mai zafi, ko kin ji warin gas, ki tabbatar, wajibi ne. Idan kuma wani abin da kika gani a waɗancan shekaru yana dawo miki a barci ko a farke, ki faɗa wa likitarki, domin maganinsa daban ne. Haka idan barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki, ko kika fara jin rayuwa ta ishe ki, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti. Akwai sashen masu kula da wannan a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki. Mai duba da mai bugun ƙasa kuwa, masu irin halinki su ne kasuwarsu, zuwa wurinsu haramun ne, hukuncin sananne ne.

Ga maigida, in wannan ta isa gare shi: Malam, kada ka yi mata tsawa, kada kuma ka kashe waya don ka hora ta. Ka cika kiran nan biyu a kan lokaci, ka faka motar kafin ka yi su. In ta tambaye ka abu ɗaya karo na uku, ka ce mata da taushin murya, "Na amsa miki ɗazu, kuma mun yi alkawari."

Allah ne mafi sani.