Wakilina a Guangzhou kullum cewa yake "kaya na kan ruwa"

Tambaya: Ina sayar da yadi a Kantin Kwari. Na biya kuɗin dila 40 ta hannun wakilina a Guangzhou da ke kudancin Sin, ya ce kwana 60 za su iso Kano. Yau kwana 75 ke nan, in na kira sai ya ce suna kan ruwa. Me zan nema a wurinsa?

Amsa: Alhaji, lambar kwantena za ka nema kafin komai. Haruffa 4 ne da lambobi 7, kuma harafi na huɗu U ne. Haruffan farko suna nuna mai kwantenar: MSKU ta Maersk ce, MSCU ta MSC, CMAU kuma ta CMA CGM. Ka shiga shafin kamfanin jirgin ka rubuta ta a wurin bibiyar kaya. In abin da ya fito na ƙarshe shi ne "Gate in", kwantenar ta shiga tasha amma ba a ɗora ta a jirgi ba. In an ɗora, za ka ga sunan jirgin, ranar da ya tashi, da ETA, wato ranar da ake sa ran isowarsa.

Wani wakilin zai turo maka lambar rasit ɗin sitonsa. Wannan ba ta fitowa a shafin kowane kamfanin jirgi, kada ka karɓe ta a madadin waccan.

Zargina dai shi ne wannan: dila 40 ba lallai su cika kwantena ba, sai a haɗa su da kayan wasu, kuma ba a rufewa sai ta cika. Kaya kan yi makonni a sito mai su yana zaton suna teku. Wanda ya yi lodi da gaske, turo lambar ba ta ɗaukarsa minti biyar.

Ka bar kira, ka rubuta masa ta WhatsApp don maganar ta zauna: "Salamu alaikum, Malam. Don Allah turo min lambar kwantenar da kayana suke ciki, da hoton takardar lodi ta kamfanin jirgi, kafin la'asar ranar Alhamis. Ka faɗa min ranar da za su sauka Legas, da kwanan wata. In ba a loda ba, ka gaya min gaskiya mu san abin yi."

A ce ka duba ka ga jirgin ya tashi kwana 20 da suka wuce. Daga kudancin Sin zuwa tashar Apapa da ke Legas yawanci mako 5 zuwa 7 ne, musamman in an sauya jirgi a Singafo ko Lome. Saura mako 2 zuwa 4 ke nan a ruwa. ETA kuwa a bakin tasha ta tsaya, sai ka ƙara kwanakin kwastan da na tirela zuwa Kano kafin ka sa wa kwastomominka rana. Lissafin ya kuma nuna cewa kayanka sun yi kwana 55 a ƙasa, wannan sai ka riƙe shi don ranar da za ku zauna kan ragowar kuɗin dako.